Daga "Oga injin nan ya sake" zuwa rahoton da manaja zai iya aiki da shi

A yawancin masana'antunmu, labarin lalacewar inji ba a takarda yake fara fitowa ba. A waya yake farawa. Mai kula da injin ya tura saƙo a WhatsApp, makanike ya amsa da saƙon murya, shugaban ma'aikata ya saka hoto, wani ya ƙara da nasa ra'ayin. Kafin kwana uku saƙonni sun kai arba'in, kowa a ƙasa ya san halin da ake ciki, amma manajan da zai sa hannu a fitar da kuɗin gyara bai fahimci komai ba sai cewa ana ta ƙorafi. Daga nan sai a ce wa wani, galibi shugaban ma'aikata ko akawu, ya haɗa abin a takarda ɗaya. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan aiki a matsayin gyaran lafazi kawai, wato a cire "Oga" da "wallahi" a zuba kalmomin ofis. Ni a ganina lafazi shi ne ƙaramin ɓangaren aikin. Babban ɓangaren tankaɗe ne: a raba abin da ido ya gani da abin da aka zata, a raba su duka biyun da ɓacin rai, sannan a gaya wa manaja shawarar da ake jira ya yanke.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Kamfanin casar shinkafa ne irin waɗanda ake gani a Sharaɗa ko Challawa a Kano, yana da janareta mai amfani da man gas, ƙarfinsa 250 kVA, wanda ake tayarwa idan wutar gari ta ɗauke. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40 da rana. Ga kaɗan daga cikin saƙonnin da suka taru daga Litinin zuwa Laraba. Ranar Litinin mai kula da injin ya rubuta wa shugaban ma'aikata: "Oga injin nan ya mutu ɗazu, na ƙara masa ruwa ya tashi." Ranar Talata da yamma ya sake rubutawa: "Ya sake yau har sau biyu. Wallahi kullum haka muke fama, tun tuni nake faɗa ba a ji." Ya haɗa da hoton allon injin da saƙon murya na minti huɗu. Laraba da safe makanike ya ce: "Ni ina ganin gaskit ne, sai an sauke kan injin." Mai kula da sito ya ce a'a, man da aka kawo makon jiya ne ba shi da kyau. Wani kuma ya kawo shawarar a cire wayar da ke kashe injin idan ya yi zafi, a samu a ƙarasa odar da ake bin kamfanin. Kafin azahar saƙo na ƙarshe ya shigo: "Ya sake tsayawa. Don Allah a gaya wa manaja."

Babu ƙarya a cikin waɗannan saƙonni. Mutane ne a bakin aiki, hannu duk baƙin mai, suna rubutu a tsaye. Amma idan aka tura su ga manaja yadda suke, zai fito da tambayoyi fiye da amsoshi, kuma mafi yawan tambayoyin a kan lokaci ne.

Hausarmu ta yau da kullum tana auna lokaci da "ɗazu" da "bayan azahar" da "tun tuni". Tsakanin mutum biyu da ke wuri ɗaya wannan ya wadatar. A rahoto bai wadatar ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki lokacin da waya ta nuna a jikin saƙo a ce shi ne lokacin da injin ya tsaya. Saƙon Talata ya shigo ƙarfe 6:02 na yamma, amma mai kula da injin ya rubuta shi ne bayan wutar gari ta dawo ya samu sukuni. Ainihin lokacin yana wasu wurare: a littafin da ake rubuta tashi da tsayawar janareta, a lokacin da aka ɗauki hoton, da kuma a cikin allon injin kansa, domin yawancin allunan janareta na zamani suna ajiye tarihin kowace tsayawa da dalilinta. Da mai rubuta rahoton ya bi waɗannan, sai abin ya fito sarai. Litinin an tayar 11:30, ya tsaya 2:40. Talata an tayar 11:00, ya tsaya 1:15, an sake tayarwa 2:10, ya tsaya 3:50. Laraba an tayar 10:20, ya tsaya 11:30.

A nan ne amfanin aikin ya fara bayyana, domin jera lokutan ya nuna abin da babu saƙon da ya faɗa. Ranar Litinin injin ya yi minti 190 kafin ya tsaya. Talata da safe ya yi 135. Laraba ya yi 70 kacal. Tsayawar Talata ta biyu, bayan minti 100, ba za a kwatanta ta da sauran kai tsaye ba, tun da injin bai gama hucewa ba aka sake tayar da shi, kuma ya kamata rahoton ya faɗi haka. Ko an ajiye ta gefe, sauran ukun sun isa su nuna cewa matsalar ƙaruwa take yi kowace rana. Kalmar "kullum" da mai kula da injin ya yi amfani da ita ta koma "sau huɗu cikin kwana uku, kuma tazarar tana raguwa". Manaja zai iya cewa "kullum" zuzutawa ce. Da wuya ya ce haka game da 190 da 135 da 70.

Sai kalmomin da ke kwatanta abin da injin ya yi. "Ya mutu" a bakin ma'aikaci ba ta nufin komai sai cewa ya daina aiki. "Ya buga" kuwa magana ce babba, tana nufin cikin injin ya lalace, gyaran da zai ci makonni da kuɗi masu yawa. Idan rahoton zai tafi da Ingilishi, kamar yadda ake yi a kamfanoni da yawa a Najeriya, ko da Faransanci a Nijar, mai fassarar da bai tsaya ya tambaya ba zai iya mayar da "ya mutu" ta zama injin ya lalace gaba ɗaya. Abin da ya faru a misalinmu ya bambanta da duka biyun: injin ne ya kashe kansa, domin an ƙera shi ya yi hakan idan ruwan da ke sanyaya shi ya wuce iyaka. Hoton allon ya nuna `High Coolant Temperature`, da ma'aunin zafi a kan 103°C. Irin wannan rubutu ana kwafe shi ne harafi da harafi yadda yake a allo, ko da sauran rahoton da Hausa ne, domin shi injiniya zai nema a littafin injin. Bayan an kwafe sai a bayyana ma'anarsa da Hausa ga manaja. A ƙara da abin da ya saba nunawa, domin 103 ba ta gaya wa wanda ba makanike ba komai sai ya san cewa wannan injin ya saba zama tsakanin 82 da 88.

Haka ma nauyin da ke kan injin. Tambayar farko da duk wanda ya san janareta zai yi ita ce ko an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa. Janareta mai 250 kVA a kan wuta 415 V yana iya ɗaukar kusan amfiya 348 a kowane layi. Hoton ya nuna 270, wato kusan kashi 78 cikin ɗari. Jimla ɗaya a rahoto ta rufe wannan tambaya kafin a yi ta, ta kuma kare ma'aikata daga zargin cewa su suka danne injin.

Yanzu ga wurin da na fi ganin rahotanni suna karkacewa. Makanike ya ce yana ganin gaskit ne. Shi mutum ne mai sana'a, maganarsa tana da nauyi, kuma mai rubutu yana son rahotonsa ya fito da amsa. Sai "ina ganin gaskit ne" ta koma "dalilin tsayawar injin shi ne lalacewar gaskit". Kalma biyu aka cire, amma zato ya zama hukunci. Manaja zai karanta, ya ba da izinin sauke kan injin, aikin da zai tsayar da janareta kwanaki. Idan aka buɗe aka tarar gaskit lafiyarsa ƙalau, an yi asarar kuɗi da lokaci, kuma rahoto na gaba daga wannan hannun ba zai samu yarda ba.

Zaton makanike yana da hujja, domin injin yana shan ruwa: lita 4 aka ƙara ranar Litinin, 5 da 6 ranar Talata. Gaskit da ya ƙone yana iya jawo haka. Amma injin da ya tafasa yana zubar da ruwa ta bututun ambaliya ko da gaskit lafiya yake. Gaskit yana da alamominsa da ake iya dubawa ba tare da kwance komai ba: baƙin mai ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara, farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan injin ya ɗumama, ko kumfa tana tasowa a bakin lagireto yayin da yake aiki. Aikin mai rubuta rahoto shi ne ya koma wurin makanike ya ce, "Malam, ka duba man? Yaya ka gan shi?" A misalinmu amsar ita ce man baƙi ne yadda ya saba, kuma babu wanda ya ga farin hayaƙi. Rashin alamomin bai wanke gaskit ɗin gaba ɗaya ba, gwaji ne kaɗai zai yi hakan, amma ya rage ƙarfin zaton. Da aka zagaya injin kuma sai aka ga abubuwa biyu da kowa ke wucewa ta gabansu bai rubuta ba: fuskar lagireto ta toshe da ƙura da buntun shinkafa, fanbel kuma ya yi sako-sako. Ko wanne daga cikinsu ya isa ya hana iska sanyaya ruwan a zafin Afrilu. Don haka rahoton ya ajiye zaton makanike a ƙarƙashin abin da ake zato, da sunan muƙaminsa, da hujjarsa, da abin da bai yi daidai da shi ba. Batun man gas ma ya shiga a jimla ɗaya, tare da bayanin cewa gurɓataccen mai ya fi nuna kansa da tari da raguwar ƙarfi da toshewar filta, kuma ba a ga waɗannan ba. Ba na goyon bayan a share ra'ayin mutum daga rahoto don ana ganin bai yi daidai ba. A rubuta shi a inda ya dace, wanda zai yi bincike ya gani.

Rahoton abin da ya faru ba shi ne binciken tushen matsala ba, kuma haɗa su wuri ɗaya ne ke tura mutane ƙirƙiro dalili da gaggawa. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota, a littafinsa na 1978, ya koyar da tambayar "me ya sa" sau biyar a jere, kuma misalin da ya bayar ma na injin da ya tsaya ne. Wannan aiki ne mai kyau, amma lokacinsa bayan an buɗe an gani. Me ya sa ba a wanke lagireto ba, me ya sa janareta ke shaƙar iska daga ɓangaren da ake zubar da buntu, duk tambayoyin mako mai zuwa ne.

Saƙon muryar nan na minti huɗu shi ne wanda aka fi saurin tsallakewa, kuma a cikinsa ne abu mafi nauyi yake. Minti biyu na farko ƙorafi ne. A minti na uku mai kula da injin ya ambata, kamar a gefen magana, cewa yaron da ke taimaka masa ya buɗe marfin lagireto bayan tsayawar 3:50, tururi ya ƙona masa bayan hannu, an shafa masa magani ya koma aiki. Ruwan lagireto yana ƙarƙashin matsi, shi ya sa yake wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da an buɗe marfin matsin ya tafi, sai ruwan ya tafasa nan take ya yi feshi. Ma'aikata suna binne irin wannan labari ne saboda tsoron a kori yaron ko a tuhume su. Mai rubuta rahoto ba shi da ikon binne shi. A Najeriya, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da mai aikinsa raunin da ya samu a bakin aiki, ta kuma ɗora wa mai aikin ya kai rahoto ga hukumar NSITF cikin kwana 7. Manajan da ba a gaya masa ba, ba zai iya sauke wannan nauyi ba, yaron kuma shi zai rasa haƙƙinsa idan ciwon ya yi tsanani daga baya. Saboda haka ake sauraron kowane saƙon murya har ƙarshe, da biro a hannu.

Yadda za a rubuta shi ma abin lura ne. Hausa ta ba mu "an", mai ɓoye wanda ya yi aiki: an buɗe marfi, an ƙara ruwa, an sanar. Tana da amfani wajen kauce wa nuna yatsa, amma rahoton da ya cika da "an" ba ya gaya wa manaja wa zai tambaya. Ni na fi son a ambaci muƙami, a faɗi abin da mutum ya yi, a tsaya nan. "Mataimakin mai kula da injin ya buɗe marfin lagireto da misalin 4:00, injin na da zafi" bayani ne. "Saboda ganganci" hukunci ne, kuma ba na mai rubutu ba ne, musamman tun da wataƙila ba wanda ya taɓa koya wa yaron.

Ɓacin rai kuma ba a zubar da shi duka. "Tun tuni nake faɗa ba a ji" tana ɗauke da zafi, amma a ƙarƙashin zafin akwai iƙirari da za a iya bincikawa. Aka koma baya a waya, aka tarar da saƙon 3 ga Afrilu inda mai kula da injin ya ce zafi ya fara hawa 94, ya nemi a wanke lagireto. Wannan ya shiga rahoto da kwanan watansa. Abin yana da wuya idan mai rubuta rahoton shi ne wanda aka tura wa saƙon bai yi komai ba. A nan ake gane ko gyaran lafazi ake yi ko wanke kai. Idan ma'aikata suka ga an goge gargaɗinsu, gobe ba za su yi wani ba.

Ga yadda rahoton ya fito, a shafi ɗaya:

"Zuwa ga Manaja, daga Shugaban Ma'aikata. Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 12:30 na rana.

Ranka ya daɗe, janaretan 250 kVA yana tsaye tun 11:30 na yau, kuma na hana a tayar da shi. Ina neman izininka kafin 2:00 a wanke lagireto, a canja fanbel, a yi gwajin matsi. Ƙiyasin kuɗin da makanike ya rubuta yana haɗe.

Injin ya kashe kansa sau huɗu: Litinin 2:40, Talata 1:15 da 3:50, Laraba 11:30. Allon ya nuna `High Coolant Temperature`. Hoton Talata ya nuna 103°C, alhali ya saba 82 zuwa 88. Daga tashin safe zuwa tsayawa: minti 190, 135, 70. Tsayawar Talata ta biyu, bayan minti 100, ban kwatanta ta ba domin injin bai gama hucewa ba aka tayar. Nauyi amfiya 270, kusan kashi 78 na ƙarfinsa. An ƙara ruwa lita 15 jimilla.

Rauni: Talata da misalin 4:00 tururi ya ƙona bayan hannun mataimakin mai kula da injin lokacin da ya buɗe marfin lagireto. Na tura shi asibiti yau. Ana buƙatar cike takardar rauni.

Abin da aka gani: lagireto ya toshe da buntu, fanbel ya saki, mai bai canja launi ba, babu farin hayaƙi. Abin da ake zato: makanike yana zargin gaskit saboda raguwar ruwa, gwajin matsi zai taimaka a tantance. Mai kula da sito yana zargin man gas. Ba a ga alamarsa ba. Mai kula da injin ya sanar da ni hawan zafi ranar 3 ga Afrilu, ban sa an wanke ba.

Asara zuwa jiya: awa 2 da minti 45, kimanin buhu 110. An kawo shawarar cire na'urar da ke kashe injin. Ban yarda ba, domin injin zai iya bugawa. Zan kawo maka sakamakon gwaji ƙarfe 5:00."

Abin da ake nema daga manaja yana sama, ba ƙasa ba. Saƙonnin waya suna tafiya ne kamar labari, daga farko zuwa ƙarshe, roƙon ya zo a wutsiya. Manaja kuwa yana iya karanta layi uku a mota ya ajiye wayar, don haka layi ukun nan su ɗauki halin da injin ke ciki yanzu, da abin da ake so ya yi, da lokacin da ake so ya yi shi. Gaisuwa da girmamawa suna nan, "ranka ya daɗe" ba ta rage wa rahoto komai, amma kalma uku sun isa.

Buhu 110 ɗin ma ba daga sama ya faɗo ba, kuma mai rubutu ya kasance a shirye ya nuna lissafinsa. Tsayawar farko ta ci minti 40, ta biyu 55, ta uku 70, jimilla 165, wato awa 2.75. Injin casar yana fitar da tan 2 a awa, ya zama tan 5.5, a buhu mai kilo 50 ya ba da 110. An sa "kimanin" domin ƙiyasi ne, kuma an bar tsayawar Laraba a waje saboda ba ta ƙare ba. Akwai masu kumbura irin wannan adadi don manaja ya firgita ya saki kuɗi. Manaja yana da littafin sito, zai kwatanta, kuma idan adadi ɗaya ya faɗi sauran ma za su bi shi.

Kafin a tura, mai rubutu ya karanta wa mai kula da injin da makanike, da baki idan karatu zai ba su wahala. Su suka ga abin, kuma sau da yawa a nan ne wani zai ce a'a Oga, lita shida ɗin a tsayawa ta biyu ne, ko ya tuna cewa ya ji ƙarar fanbel tun Lahadi. Saƙonnin asali da hotuna da muryoyi kuma a adana su a haɗa da rahoton, kada a goge, domin idan gwajin ƙarfe 5:00 ya nuna makanike ne ke da gaskiya, injiniyan da zai sauke kan injin zai so ya san sau nawa aka zuba masa ruwan sanyi yana da zafi, kuma amsar tana cikin waɗannan saƙonnin.